Wanda Ya Sauke Hansai

Shekara ashirin ina share ɗakin mata a wani asibiti nan Wudil, ban ga nas mai taurin kai irin Sista Rahila ba. 'Yar kudancin Kaduna ce. Abin da idonta bai gani ba, wallahi ko za ka yanka ta ba ta rubuta shi.

Shekarar da soja suka miƙa mulki aka kawo wata tsohuwa daga Achika, Hansai, ɓarin jikinta ya shanye. Wata Talata bayan azahar, lokacin ziyara bai yi ba, muka tarar da ita a ƙasa. Ko ƙara ba mu ji ba.

Rahila ta hana mu ɗaga ta sai da ta duba kai da ƙugu, ta haska idanu, ta auna jini da bugun zuciya. Sannan muka mayar da ita gado. Ta kira likita, ta sanar da babbar sista, ta aika Achika a kira 'yarta Radiyya, ta riƙa aunawa duk rabin awa. Ta rubuta rahoto: ƙarfe biyu da kwata, an same ta kwance kan ɓarin dama, fuska gabas. Ba rauni, ba kumburi. Ƙarafan gefen gado duka a ɗage. Mara lafiya ta ce: "Ba faɗowa na yi ba, Ƙasimu ne ya sauke ni."

Babbar sista na karantawa ta hau sama.

"Namiji a ɗakin mata ba lokacin ziyara ba? Rahila, layin nan da kika rubuta zai raba ki da aikinki! Ki goge shi, ko ki nemo mini Ƙasimun."

"Haka ta faɗa, ranki ya daɗe. Ba zan goge ba."

Na ji haushin Rahila, na kuma ji tausayinta. Ita kaɗai ke riƙe da 'ya'ya uku!

Da la'asar Radiyya ta iso, aka karanta mata a gaban babbar sista. Radiyya ta dafa bango.

"Innalillahi. Ai haka ake kwantar da mamaci. Ƙasimu kuwa babana ne, shekararsa tara a ƙasa."

Babbar sista ta sauke ajiyar zuciya, ta ce ruɗewar tsufa ce, magana ta ƙare, Rahila ta fita daga zargi. Hansai ta cika washegari da hantsi.

Ranar Rahila ta ja ni bayan famfo.

"Indo, rahoton nan bai cika ba. Jiya ƙarfe biyu wani dattijo ya yi mini sallama a ƙofa, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Ni na nuna masa gadon."

Na ce, "Ke, rufa wa kanki asiri! Kin tsira fa."

Ta zaro biro daga aljihu, ta nufi ofishin babbar sista.