Hoton Gonar Baba

Ina kan keke a shagona na ɗinki cikin kasuwar Matameye, wajen hantsi, hoton ya shigo wayata. Ƙanwata ce ta turo daga ƙauyenmu da ke bayan Dawce, da saƙon murya tana haki. Ta ce wasu ƙwari masu fukafukai sun cika gonar Baba, ga gero ya fara fidda kai. Baba ya ce uwar murzuna ce, tsutsar nan da ke cin zangarniya, har ya aro famfo ya sayo magani, da la'asar zai yi feshi.

Baba yana da fuka. Shekarar da ya yi feshi da kansa, a amalanke aka kawo shi likita, leɓensa ya yi baƙi, numfashi na fita kamar ana busa usur. Likita ya ce kada ya ƙara kusantar maganin. Amma Baba mutum ne da in ya ce eh, to sai dai ka gaji ka bari. Na kira shi sau uku, ya ce in kula da allurata, shi ya san gonarsa.

Na rufe shago na ruga ofishin noma. Akwai wata Hajiya mai kula da ƙwarin amfanin gona, ni nake yi mata ɗinki. Na miƙa mata wayar, na ce ga su nan farare-farare, ko su ne? Ta ce launi ba ya raba gardama. Ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta nuna mini abu uku. 'Yan ƙahonin nan biyu na kansu, kowane da ɗan kulɓu a ƙarshe kamar kan ashana. Fukafukan a tsaye, haɗe bisa baya. Jikin kuma siriri.

"Malam-buɗe-littafi ne, Tela," in ji ta. "Tsutsar wannan, ganyen anza take ci, ba ruwanta da gero."

Ta ce uwar murzuna dangin faɗa-wuta ce. Su ƙahoninsu kamar zare, wasu kamar gashin tsuntsu, ba kulɓu. In sun sauka sukan kwantar da fukafukai su rufe baya, jikinsu kuwa kauri da gashi.

Har na fara hamdala sai ta ƙara duban wayar. Ta matsa can gefen hoton, ta ƙara buɗawa. A jikin wata zangarniya ga wata guda ɗaya, ja-ja-ja, ƙatuwar ciki, fukafukai kwance. Ta ce wannan kam tana kama da ita. Ta ce feshi ba zai yi wani abin kirki ba, akwai 'yan ƙwarin da suke saki a gonaki su kashe tsutsar, za ta sa ƙauyenmu a layi, amma ba ta yi mini alkawarin rana ba.

Na hau kabu-kabu. Duk hanya ina shirya yadda zan ɓoye wa ubana wannan guda ɗayar. Tsoro biyu nake ji, kada geron ya tafi, kada Baba ya tafi, kuma na san wanda ya fi.

Na iske shi a bakin gona, famfo a baya, ya ɗaure hanci da tsumman rawani. Warin maganin ya iso ni tun kafin in sauka. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a daƙile. Na fito da waya na yi masa karatun Hajiya tiryan-tiryan: ga kulɓu, ga fukafukai a tsaye, ga jiki siriri. Babban yatsana kuwa na kan gefen hoton, na danne guda ɗayar nan.

Ya daɗe yana kallo. Ya je ya leƙa wani da ya sauka a kan ganye, ya dawo ya gyaɗa kai. Sai ya karɓe wayar daga hannuna. Ban san na koya masa da kyau haka ba.

"Wannan fa, mai fukafukai kwance?"

Ina jin ƙirjinsa ya fara 'yar ƙarar nan, daga wari kawai. Na ce, "Ita ce, Baba. Na gan ta, na ɓoye maka. Na fi son a rasa geron."

Ya dubi gonar tun daga wannan kai har wancan, ni kuwa ina duban hannunsa da ke kan mariƙin famfo. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tsayuwar ba. Can ya sassauta igiyar kafaɗa, ya sauke famfon, ya ce in mayar wa mai shi.

Murzuna ta ci mana gefen gabas a shekarar, kafin layi ya zo kanmu. Ranar da ake ɗaure dammuna Baba ya ɗago wata zangarniya da tsutsa ta zagaye ta, ya miƙo mini, ya ce in kai shago in ajiye tunda ni na zaɓa. Tana nan rataye bisa keken. Shi kuma jiya ma ya kira ni, yana faɗa wai na ɗinke masa wuyan riga.