Askin Sallah a gidanmu na Mile One

A gidan hayar da muka zauna a Mile One, can Kudu, iyali biyar ne, duk 'yan Arewa, rijiya ɗaya, wanzami ɗaya. Ana jajibirin Sallah sai a jera yaran gidan a tabarma ya bi su da aska. Wai zumunci ke nan.

Ɗana na fari yana aji uku na firamare makero ya fito masa. Da fari susa ce kawai, sai na ga wani zagaye kamar kwabo a ƙeyarsa, ya yi fari-fari da ɓawo, gashin wurin ya kakkarye. Malamarsu ta koro shi. "Madam, make una treat am fes," in ji ta, wato mu yi masa magani tukuna, kamar mu ƙazamai ne. Na ji zafi, amma na kai shi asibiti.

Nas ɗin 'yar kudancin Kaduna ce, ta yi min bayani da Hausa. Ta ce maganin shafawa kaɗai ba ya kai wa saiwar gashi, sai na sha, sati shida zuwa takwas, a ba shi da abinci mai maiƙo, kuma ko wurin ya washe kada a daina. A ware masa mataji da tawul da matashin kai, a duba kan ƙannensa. "Uwa-uba, kada askar da ta taɓa kansa ta taɓa kan wani."

Muna cikin sati na biyu Sallah ta zo. Yayan mijina, shi ne babba a gidan, ya duba kan yaron ya ce ai ya warke, ƙwayoyin sun isa haka. Na ce, "Yaya, nas ta hana aski da sauran yara."

"To, yau kuma ɗanki ya fi 'ya'yan mutane? A gabana za a raba kan yara?"

Mijina yana tsaye yana kallo. Kwalbar maganin ma a aljihun yayansa ta tafi.

Wanzami ya kankare wurin har jini, ya shafa masa baƙin man mota, ya goge askar a tafin hannu, ya kira na gaba. Kafin wata ya zagayo, yara huɗu suna susa. Matan gidan suka daina amsa gaisuwata, wai ɗana ya rabo musu ciwo. Wanda ya ba da umarnin, ba wadda ta ko harare shi. Har yau abin yana ci min rai.

Kan ɗana ya kumbura, ya yi taushi, yana tsiyayar mugunya. Muka koma asibiti aka faro magani daga farko, jarrabawar zangon ta wuce shi. Ya warke, amma wurin ya zama tabo, gashi bai sake tsirowa ba.

Yanzu saurayi ne, ba ya cire hula ko a ɗaki. Kwanaki baffan nasa yake yabonsa a gaban baƙi, wai duk cikin yaran gidan shi kaɗai ya ɗauko kamalar mutanen Arewa.