Kunun da Sa'adiya Ta Sirka

Duk wanda ya tashi a unguwar Hindawiyya, can ƙasa mai tsarki, ya sha kunun gyaɗar Sa'adiya. A nan aka haife ta, uwarta ce ta zo daga ƙasar Hausa ta Sudan da ƙafa. Shekara talatin tana dama kunu tana sayarwa a ƙofar gida, mijinta Mukhtaru, mai kiranta Ummu Hatim saboda ɗansu na fari, yana jan tasi. Kai, mace ce mai baki! Ka ce kununta ya yi kauri, sai ta tambaye ka yaushe ka fara riƙe ludayi.

Sai ciwon daji ya kama Mukhtaru a maƙogwaro, tuwo ya daina wucewa. Likita ya ce akwai aiki nan da sati shida, amma in ramar ta ci gaba, jikin ba zai ɗauka ba. Aka haɗa su da Hadil, mai tsara abincin marasa lafiya, jikar Hausawa ce amma Larabci ya cinye rabin Hausarta. Ta ba su kofin awo da takarda: madara mai mai kofi ɗaya, yankakkiyar ayaba kofi ɗaya, rabin kofin shufan, hatsin nan da ake shurba, romon buɗa-bakin azumi, da shi, sai markaɗaɗɗiyar gyaɗa babban cokali biyu. A markaɗa, ya sha sau biyu a rana.

Sa'adiya ta ce a ranta, wannan ai kunu ne, kuma ba 'yar jiya ce za ta koya mata kunu ba. Ta yi masa yadda take wa duk wanda take ƙauna.

Ranar awo, Mukhtaru ya hau sikeli, kilo huɗu sun tafi. Hadil ta sa aka kai shi ɗaukar jini, ta zaunar da Sa'adiya, tana ce mata Hala, wato inna da Larabci.

"Hala, faɗa min yadda kike yi, daga farko."

"Yadda kika rubuta mana! Na jiƙa shufan ya kumbura, na auni rabin kofi."

"Bayan ya jiƙa kike aunawa?"

"To wa ke markaɗa hatsi busasshe? Sai na ƙara ruwa kofi biyu don ya wuce masa, na tace da abin tata. Ya sha kofi biyu ya ce ya ƙoshi, sauran na ba maƙwabta."

Hadil ta jawo takarda tana rubutu tana faɗa. Madarar na da furotin giram takwas, sitaci da sukari sha biyu, mai takwas. Ayabar furotin biyu, sitaci da sukari talatin da huɗu. Busasshen shufan rabin kofi furotin biyar, sitaci ashirin da bakwai, mai uku. Gyaɗar furotin bakwai, sitaci bakwai, mai sha shida.

"Duka furotin ashirin da biyu, sitaci tamanin, mai ashirin da bakwai. Giram ɗin furotin ko sitaci kalori huɗu ne, na mai tara. Kusan ɗari shida da hamsin ke nan, a cikin kofi biyu. Amma ya Hala, jiƙaƙƙen shufan yana kusan ninkawa, rabin awonki ruwa ne. Kika mai da kofi biyu huɗu, ya sha rabi. Abin da ke shiga cikinsa bai kai kalori ɗari uku ba, furotin kamar goma. Ban ma cire abin da ya tsaya a abin tata ba."

"Amma cikinsa na cika. Wallahi yana cika."

"Da ruwa, Hala."

Sa'adiya ta zuba wa takardar ido. Sati shida tana tashi da asuba tana tace masa, tana jin daɗin yadda yake shanyewa, ashe yunwa take ɗura wa bawan Allah da hannunta. Ta ji ta tsani hannun nan da unguwa ke yabo.

Likita ya ɗage aikin, bai sa wata rana ba. Ya ce hoton ya nuna hanyar abincin ta ƙara tsukewa.

Da la'asar suka koma gida. Ta auni shufan busasshe, ta shafe bakin kofin da wuƙa, ta shafe cokalin gyaɗa sau biyu. Ba ruwa, ba tata. Ta kai masa kofi biyu cif, mai kauri, ta durƙusa gabansa.

Mukhtaru ya kurɓa. Ya yi ta kokawa da shi, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ya dawo da shi cikin tasa. Ya sake gwadawa, haka. Ya jingina da bango yana haki, idonsa ya kawo ruwa.

"Ummu Hatim, ba ya wucewa. Don Allah ƙara min ruwa."

Ta san lissafin yanzu, ta san shi giram-giram. Ta ɗauki kofin ta koma kicin, ta buɗe famfo tana kuka.