Asabe da Ƙarin Mahaifa

Asabe mai ɗinki a Shinkafi ta shekara biyu jinin al'adarta na zuba har kwana goma. Da Shari'a ta zo, mata suka koma makarantar Islamiyya, ita kuwa jiri ya hana ta zama.

"Iska ce, a yi miki turare," in ji yayarta.

"Yaya, iskar da ba ta zuwa sai ƙarshen wata? Asibiti za ni."

A Kaura Namoda aka auna jininta, ya yi ƙasa. Hoton ciki ya nuna ƙari a mahaifa. Likita ya ba ta maganin ƙarin jini, daga baya aka cire ƙarin, aka bar mahaifar. Ta koma kan kekenta na ɗinki.