Tambarin Buhun Shinkafar Hajiya

Shekara huɗu na yi a wani shagon ɗab'i a Birnin Kebbi ina tsara katin biki da kalanda, kafin na ga cewa hannuna ya isa ya ci da ni. Na sayi tsohuwar kwamfuta, na ajiye ta a ɗakina a gidanmu na Gwadangaji, na ce daga yau zanen tambari nake yi wa masu sana'a. Lokacin ƙananan injinan gyaran shinkafa sun fara yawa, ga shagunan magani da makarantu ana ta buɗewa. Duk wanda ya buɗe sai ya kafa allo, wasu har da adireshin imel a ƙasa, ko da ba kullum suke dubawa ba. Ni kuwa in na hau kabu-kabu, idona yana kan allunan. Ina sauka sai in rubuta adireshin a bayan littafina.

Wasiƙar farko da na tura doguwa ce, da Turanci, guda ɗaya na kwafa wa kowa. Na jera makarantun da na yi, na haɗa hotunan aikina masu nauyi har da ƙyar suka tafi. Ko mutum ɗaya bai amsa ba. Ban yi fushi ba, don da na sake karantawa ni ma na ga babu abin da ya shafi mai karɓa a ciki. Labarin kaina kawai na ba su.

Wata rana innata ta aike ni kasuwa. A rumfar mai shinkafa na ga wani sabon buhu daga Argungu. Shinkafar tsaf, ba tsakuwa, amma buhun abin tausayi ne. An cusa kifi, da kwalekwale, da zangarniya, da rana tana fitowa, launuka sun hau juna, sunan ma ba ya karantuwa. A gindi akwai imel. Na tsuguna na kwafa.

Wannan karon da Hausa na rubuta, layi shida. A kan wasiƙar na sa: Game da buhunku da na gani a kasuwar Birnin Kebbi. Na yi sallama, na taya su murnar buɗe inji, na ce shinkafarsu ta fi buhunta kyau. Na ce zaren buhu ba ya riƙe siririn layi, shi ya sa zanen ya dagule. Na ce ina iya yi musu alama mai launi ɗaya da za a gane daga nesa. Na haɗa ƙananan hotuna biyu, na sa lambar wayata.

Mako ya wuce shiru. Na sake tura layi biyu na tuni, na ce daga wannan ba zan ƙara damunsu ba. Washegari amsa ta zo: “Ka zo ran Asabar.” Sun ɗauka namiji ne.

Na shiga mota a tasha da hantsi, muka wuce Ambursa, fadama shar da shinkafar rani. Injin yana bakin gari, cikin wani fili mai katanga. Mai wurin dattijo ne, manomi, hularsa ta yi fari fat da dusa. Ya dube ni, ya dubi bayana.

“Ina mai zanen?”

“Ni ce, Baba.”

Ya yi dariya, ya sa aka shimfiɗa tabarma. “To, ɗiyata, ni ban san wani imel ba. Hajiya ka riƙon wayar nan. Ita tac ce a kira ki.” Amma kafin Hajiya ta fito ya riga ya faɗa mini abin da yake so. Kifin zai zauna, don a san Argungu ce. A ƙara hotonsa shi mai injin a gefe. A sa kore da ja da ruwan ɗorawa.

Na ce, “Baba, kifi kuke sayarwa?”

Ya ce, “A'a.”

“To mai saye yana tafe cikin kasuwa, buhuna sun fi ashirin a jere, rabinsu da kifi. Da me zai gane naku?”

Sai ga Hajiya, matarsa, hannayenta jiƙe, ta baro wurin tukwanen da ake turara shinkafa. Muka gaisa. Ta ce wasiƙata ta farko ba ta gan ta ba sai da ta biyu ta shigo, ta nema ta same ta a cikin tarkacen saƙonnin da waya ke warewa gefe. Ta ce masu turo irin wannan duk 'yan damfara take ɗaukarsu. “Amma ke kin ce kin ga buhun. Kuma abin da kic ce, shi ni ka faɗi tun ranar da anka kawo su.”

Na roƙa su zagaya da ni. A can bayan rumbu na ga tsofaffin buhuna marasa ɗab'i, kowanne da wata alama da shuni: da'ira, da layi uku a tsaye a cikinta. Na tambayi ko mece ce.

Hajiya ta ce, “Wanga? Ai shirme na. Tun ba mu da inji, in na turara na kai casa, sai in shata hakanga don kada a haɗe min da na wasu. Bakin tukunya na, da duwatsun murhu.”

“Shekara nawa kina yi?”

“Tun babbar ɗiyata tana goye.”

“Masu saye sun san ta?”

“Awo. Har daga Augie mata ka aiko a kawo musu mai zobe.”

Na juya wurin Baba na ce, “Kuna da tambari tun tuni, kuka biya aka rufe shi da kifi.”

Ya ɓata rai kaɗan. Ya ce wannan zanen mata ne, ba zai yi kama da kamfani ba. Ban ja da shi ba. Na ce ya ba ni kwana biyar, zan kawo guda biyu, nasa da nata, mu gwada.

Na yi duka biyun da gaskiya, ban ha'inci nasa ba. Na Hajiya na fara da fensir, na daidaita da'irar, na kaurara layukan, na ɗan lanƙwasa kawunansu su yi kamar ƙwayar shinkafa. Sannan na zana shi a kwamfuta ta hanyar da ko an faɗaɗa shi ya cika bango ba zai dushe ba. Na buga kowanne a takarda babba, na koma Argungu, muka manna a buhuna biyu, muka jingina su da katanga. Na ce mu ja baya har bakin ƙofa.

Daga can nasa ya koma dunƙulen launi. Muna tsaye sai ga wata mai sayar da tuwo ta shigo da bokiti. Ba wanda ya tambaye ta komai. Ta nuna buhun ta ce, “Lah, Hajiya, mai zoben ta dawo?”

Baba ya cire hula, ya kakkaɓe, ya mayar. Ya ce, “A sa Argungu a ƙasa dai, da manyan baƙaƙe.” Na ce wannan kam dole.

Na ba su zanen Hajiya iri uku: mai shuɗi na buhu, baƙi na hatimi da rasit, da ainihin wanda za a kai wa masu buga buhu. Na tura a imel ɗin, na nuna wa Hajiya inda za ta same su. Ta cika mini leda da shinkafa, ta raka ni har titi.

A mota na buɗe littafina. Akwai wani sabon shagon magani a hanyar tasha da na kwafi adireshinsa ban taɓa shiga ba. Da muka iso Birnin Kebbi can na fara sauka, na sayi maganin ciwon kai da ba na bukata, na tsaya ina kallon ledar da aka saka mini shi.