Baƙar hodar Malam Kumfa

Yayana malamin kemistiri ne, kuma ɗalibai Malam Kumfa suke kiransa. Sunan ya samo asali daga wani gwaji da yake yi wa kowane sabon aji. Zai zuba ruwan haidurojin, irin wanda ake wanke ciwo da shi, a kwalba, ya barbaɗa wata baƙar hoda ta manganis, nan take ruwan ya hau kumfa yana fitar da iskar oksijin. Daga nan ya tace hodar, ya shanya ta a bakin taga, ya mayar cikin 'yar kwalbarta. Tun yana da baƙin gashi yake yawo da kwalbar nan a aljihun riga.

Makarantarmu ɗaya, ni ina koyar da lissafi. Mai makarantar yana da rassa a unguwanni da dama, kuma ba mugun mutum ba ne, sai dai idan ya tsinci kalma a wani taro ba ya sakinta sai ta ga ta kanta. Wadda ya tsinta a kan Yaya ita ce katalis, wato abu irin baƙar hodar nan mai hanzarta aiki. Duk taron malamai sai ya nuna shi ya ce, “Ga katalis ɗinmu nan. Inda duk na ajiye shi, abu ya tashi.” A yi tafi, Yaya ya sunkuyar da kai yana murza gwiwarsa mai ciwo.

Yabon nan shi ya cinye shi. Da zarar an buɗe sabon reshe, sai a tura Yaya. Ya tarar da ɗakin gwaji wayam, ya bi kafinta, ya bi mai gyaran famfo, ya wanke kwalabe da hannunsa, ya lallaɓa yara har su daina tsoron kunna wuta. Ranar da abu ya fara kankama, ranar za a ce ya tattara ya koma wani wurin. Bai taɓa raka aji ɗaya tun daga farko har jarrabawar fita ba. Yaran da ya fara da su sai dai ya haɗu da su a hanya, su gaishe shi, su ce ai bayan tafiyarsa an kulle ɗakin gwajin.

A reshenmu ne kawai ya ɗan daɗe. Da ƙafa yake zuwa daga gida, yakan ma koma ya ci abincin rana tare da matarsa. 'Yan ajin da ya karɓa tun ba su san riƙe kwalba ba sun kai shekarar ƙarshe, jarrabawa saura 'yan watanni. Abin da yake so ke nan a duniya, a bar shi ya kai su. Sai ga labari an buɗe wani reshe can bayan gari, mota biyu ake hawa kafin a isa.

“Yaya, ka je ka ce masa ba za ka ba,” na ce da shi a ɗakin malamai. “Bakinka ciwo yake yi?”

“Ke dai Auta, komai faɗa. In na yi magana zai ce ai yabona yake yi. Bari in nuna masa da idonsa.”

Haka Yaya yake, ya yarda duk abin da mutum ya gani a kwalba ba zai musa ba. Ya gayyaci mai makaranta ɗakin gwaji bayan an tashi, ni kuma na bi su don zuciyata ba ta kwanta ba.

Ya jera kwalabe a kan benci. Ta farko ruwan famfo ce. Ya barbaɗa hoda, ta nutse ta kwanta shiru.

“Ranka ya daɗe, ka ga nan ba abin da ya faru. Katalis ba ya ƙirƙiro abin da babu. Aikin da dama zai iya yiwuwa ne yake sauƙaƙa wa hanya, ya yi sauri.”

Ta biyu haidurojin ce. Ya ce ko an bar ta ita kaɗai tana sakin iskarta, amma a hankali ƙwarai, ido ba ya gani. Ya zuba hoda, kumfa ta taso. Mai makaranta ya tafa hannu kamar yaro.

“Ka gani! Kai ke nan, Malam!”

“Tsaya ka ga saura, ranka ya daɗe.”

Tun kumfar ba ta gama ba ya juye ruwan ta cikin mazurari mai takardar tacewa. Hodar ta tsaya a takarda, ruwan ya tsiyaye ƙasa. Muka zuba masa ido. Ya kwanta lamo, sai ɗan ƙwayar iska jefi-jefi.

“Aikin bai ƙare ba, akwai saura a ruwan nan,” in ji Yaya. “Na cire hodar ne kawai, ya koma tafiyarsa ta da. Mutane in sun ce katalis, ashana suke nufi, a kyasta a yar, wuta ta ci gaba da kanta. Na gaskiyar ba haka yake ba. Dole yana ciki har a gama.”

Wallahi na ɗauka magana ta shiga. Mai makaranta ya sunkuya, ya daɗe yana kallo. Ashe ba ruwan yake kallo ba, takardar yake kallo.

“Malam, ita hodar fa? Ta ragu?”

Na harari Yaya, na yi gyaran murya. Da ni ce, da na ce ta ragu, Allah ya yafe mini. Amma mutumin da ya yi rayuwarsa yana sa yara su auna hodar nan kafin gwaji da bayansa ba zai iya ba.

“Ba ta ragu ba. Tana shiga aikin, amma ta fito yadda take.”

“In an zuba ta a wata kwalbar za ta sake yi?”

“Za ta yi.”

“To alhamdu lillahi! Ai ka gama magana. Ni ban ma san kalmar ta dace da kai har haka ba.” Ya dafa kafaɗarsa, fuskarsa cike da murna ta gaskiya. “Ranar Litinin 'yan sabon reshe za su sa ido. Yaran nan kuma kada ka damu, ka riga ka ɗora su a hanya.”

Ya fita yana amsa waya. Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan fara da shi, mai makaranta ko Yaya. Shi kuwa ya naɗe hannun riga ya hau wanke kwalabe, ya dogara da benci saboda gwiwar.

Muka kama hanyar gida har muka kusa kwanarsu. Na ce, “Da ka yi shiru ma da ya fi.”

“Tambayata ya yi, Auta.” Ya ɗan tsaya ya huta. “Akwai abin da bai tambaya ba. A manyan masana'antu katalis yakan mutu. Datti ya lulluɓe shi, ko zafi ya lalata shi, wata rana a ga aiki ya ja baya, a kwashe shi a zuba sabo. Wannan ba ya cikin darasin 'yan aji ɗaya.”

Muka tarar da matarsa a tsakar gida tana kwashe shanya. Ta dubi fuskarsa, ta dubi tawa, ta ajiye kayan a kan kujera.

“Ina ne kuma wannan karon?”

“Bayan gari.”

“Su 'yan ajin naka sun sani?”

Ya zauna a bakin ƙofa yana kwance igiyar takalmi, ya daɗe a kan ƙafa ɗaya. Ni dai tausayinsa ya hana ni zama.

“Gobe muna da gwaji da su,” ya ce. “Bari su gama tukuna, in faɗa musu.”