Cekin Mai Taki

Shekarar da anka ba ni binciken asusun ƙungiyar manoman gero a Sabon Birni, na rubuta wa bankinsu ya tabbatar mini da abin da ke ciki. Amsa ta zo hannuna: kuɗin banki sun ɗara na littafi.

Dattijon shugabansu ya ce, "Malam, albarka ce. Gyara littafi mu raba."

A gajiye na bi bayanin banki layi-layi. Ashe cek ne sunka ba mai taki na Burkusuma, bai kai banki ba, don hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Na bar littafi yadda yake, na rubuta dalilin bambancin.

Na ce, "Baba, kuɗin mai taki ne. Tsoron hanya ya aje muku su."